Ganye Ɗaya, Tsiro Guda



Yau maganar shukar nan ce da ake kira sansibeeriya, mai dogon ganye kamar takobi, mai zane irin na fatar maciji. Daga ganye ɗaya za ku iya samun sabon tsiro.

Ku yanki ganye lafiyayye da wuƙa mai tsabta. Ku yanyanka shi gunduwa-gunduwa, kowace tsawon ɗan yatsa. Ku lura da gefen da yake ƙasa tun asali. In kun juya shi kife, ba zai yi saiwa ba.

To, ga inda ake yawan kuskure. Kada ku dasa nan take. Ku ajiye a inuwa, kwana 2 zuwa 3, har bakin yankan ya bushe ya yi ɓawo. Da hunturu yakan bushe da wuri. Da damina kuwa, da laimar bakin ruwa irin tamu ta tafkin Kainji, ku ƙara masa kwanaki. Ɓawon nan shi ke hana ruɓewa.

Sannan ku soka shi cikin yashi mai gauraye da 'yar ƙasa, a tukunya mai huji. Ruwa kaɗan, sai ƙasar ta bushe sarai. In gindin ya yi laushi yana wari, ruwa ya yi yawa.

Sai jira. Saiwa takan ɗauki wata ɗaya zuwa biyu. Sabon tsiro kuwa, wata uku, wani lokaci har shida. Muddin ganyen na tsaye da ƙarfinsa, kada ku tone shi don dubawa.

Mu kwana nan, sai wani jiƙon.