Bakwai Biyu Ko Kwana Biyu: Yadda Na Mayar Da Hirar Minti 45 Zuwa Rubutun Da Ake Karantawa A Minti 5

Yau shirin namu kan aikin hannu ne. Ka je ka yi hira da masani, ka dawo da murya cike da waya, to yanzu ya za ka yi da ita? Zan ba ku labarin wata hira da na yi a Achida, cikin ƙaramar hukumar Wurno, da kuskuren da saura kaɗan ya sa na jawo wa mutane asara.

Duk wanda ya san yankin Wurno, Rabah da Goronyo ya san ƙasar noman rani ce: albasa, tafarnuwa, shinkafa. Matsalar mai albasa kuwa sananniya ce. Lokacin cira, wajen watan Maris da Afrilu, kasuwa ta cika, kuɗi ya faɗi. Wanda ya iya ajiye tasa zuwa ƙarshen shekara shi ke cin riba, amma albasa ruɓewa take yi. Don haka na nemi wani dattijo da ya yi shekaru yana ajiyarta a rudu, wato rumfar kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta ratsa. Ban tafi da tambaya ashirin ba. Da ɗaya na tafi: me ke sa albasar wani ta kai watanni a rudu, ta wani kuma ta ruɓe? Na rubuta ta a saman takarda, sauran tambayoyin duk 'ya'yanta ne. In ba ka da tambaya guda irin wannan, za ka dawo da hira mai daɗi amma ba ka da abin rubutawa.

Kafin na kunna komai, na gaya masa cewa zan naɗi muryarsa, ga inda rubutun zai fita, kuma in akwai abin da ba ya son a sa, ya faɗa. Da ya yarda, na kunna, na sake tambayarsa don amincewar ta shiga cikin muryar. Na sa wayar a Airplane mode saboda kira kan iya katse naɗi. Na ajiye ta kusa da shi, tazarar kamar taki ɗaya zuwa biyu daga bakinsa. Abu ɗaya ne ban yi ba, shi ne kuma ya cuce ni: ban naɗi sakan 20 na saurara ba kafin mu fara. A bakin gona muke, injin ban ruwa na maƙwabci yana ta ƙara. Kunnen mutum yakan tace irin wannan ƙarar ya bi magana, waya kuwa duk abin da ta ji ɗauka take yi.

A cikin hirar, abin da ya fi amfani bai fito daga tambayoyin da na shirya ba. Daga tambaya ta biyu ya fito, wadda ake yi bayan amsa. Masani yakan yi maka magana kamar ka san abin da ya sani. Ya ce min, “Sai ta nuna sannan a cire ta.” Da na ce to na wuce, da na samu jimlar da ba ta koya wa kowa komai ba. Sai na ce, “Baba, ni da ban taɓa nomanta ba, in na shiga gona, da me zan gane ta nuna?” Ya yi dariya ya ce, “Yaro, wuya za ka duba. In wuyan ya yi laushi, ganye ya hwaɗi, ta gama.” Kun ga bambanci? Amsar farko ra'ayi ce, ta biyu abu ne da mai karatu zai gani da idonsa. Tambayoyina na bin diddigi uku ne kullum: da me ake ganewa, kwana nawa ko guda nawa, sannan me ke faruwa in ba a yi ba. Kuma in ka yi tambaya, ka yi shiru. Sau da yawa maganar gaske tana zuwa ne bayan ɗan shirun da kake jin nauyinsa.

Na dawo gida da minti 45. Mutum a hira yakan furta kalma wajen 130 a minti, to ku lissafa, kusan kalma 6,000 ke nan. Ni kuma rubutun kalma 900 nake so. Ma'ana a cikin kowace kalma bakwai, kusan shida za su tafi. Kuma kwafe murya da hannu aiki ne, minti 45 na iya cinye maka awa uku ko fiye. Shi ya sa ba na fara da kwafewa. Nakan saurara daga farko zuwa ƙarshe da biro a hannu, ina rubuta lokaci da abin da aka faɗa kawai. Minti 6, alamar nuna. Minti 14, labarin ambaliya. Minti 22, taki. Minti 31, ɗauke ruwa. Minti 38, yadda ake jera ta a rudu. Shafi ɗaya ya ishe ni. Bayan nan sai na kwafe kalma da kalma wuraren da suka amsa tambayata, wajen minti 15 duka duka.

Ga abin da ya fi wa sababbin marubuta wuya: yadda hira ta gudana ba shi ne yadda rubutu zai gudana ba. Dattijon nan ya faro daga cira, ya koma ga farashi, ya yi tsalle zuwa taki, ya dawo kan ruwa. Haka magana take. Amma mai karatu ba zai iya tsayar da kai ya ce dakata, ina muka kwana ba. Da na dubi shafina, sai na ga amsar tambayata a minti na 31 take ɓoye, inda ya ce, “Albasa ba cikin rudu taka ruɓewa ba, tun gona ta ɗauko ciwonta.” Wannan ita ce zuciyar zancen, ita na ɗauko na sa a sakin layi na farko. Sauran na jera su yadda manomi zai ci karo da su: kada a cika mata takin yuriya a ƙarshe don yana sa ta yi ruwa da kaurin wuya, a ɗauke ruwa kafin cira, a bar ta ta sha iska har wuya ya bushe, a tsince mai rauni da mai kaurin wuya a kai kasuwa, sannan a zuba mai lafiya a rudu ana dubawa.

Labarin ambaliya kuwa, minti takwas ya yi yana ba ni, kuma shi ya fi komai taɓa zuciya. Ya ce shekara goma ke nan. Da na bincika, na gane ambaliyar watan Satumba 2010 yake nufi, wadda ta shafi garuruwan da ke ƙasa da madatsar ruwan Goronyo a kan gulbin Rima. Darasi biyu na ɗauka. Masani a albasa ba lallai ya zama masani a kwanan wata ba, don haka shekara, suna da adadi sai ka tabbatar da kanka. Na biyu, duk daɗin labari, in bai amsa tambayarka ba, cire shi. Na ajiye shi don wani rubutun.

Sai batun harshe. Sakkwatanci yake yi: munka, sunka, wanga, shina. Masu karatuna kuma akwai na Kano, Zariya, Maraɗi har da Kumasi. Ƙa'idata ita ce, bayani ina yin sa da daidaitacciyar Hausa da bakina, in ce ya bayyana cewa kaza. Abin da na sa cikin alamar zance kuwa nasa ne, yadda ya faɗa. Zan iya cire “eh to” da “ka gane ko” da maimaici. Ba zan canza masa kalma ba, ba kuma zan haɗa rabin jimlar minti na 6 da rabin ta minti na 38 in ce jimla ɗaya ya yi ba. Maganganunsa uku kacal na bari cikin alamar zance, waɗanda ni ba zan iya faɗarsu yadda ya faɗa ba.

To ga kuskuren. A wurin ɗauke ruwa, daidai lokacin injin ya ƙara murya. Na saurara sau uku, na rubuta: a ɗauke ruwa kwana biyu kafin cira. Na ci gaba abina. Da nake karanta rubutun da ƙarfi, wanda nake yi kullum kafin in saki, sai jimlar ta tsaya min a wuya. Mutumin da ya ce daga gona ciwon yake, a ce kwana biyu kacal? Ƙasar fadama ma ba ta gama tsanewa ba. Ga kuma wata matsala, kwana biyu a bakin Bahaushe na iya zama wata guda. Ko da shi ya faɗa, ba adadi ba ne.

Na kira shi. Na ce, “Baba, zan karanta muku wurare huɗu, ku gyara mini.” Da na zo wurin, ya katse ni: “Mi kac ce? Wa yac ce kwana biyu? Bakwai biyu nac ce!” Bakwai biyu, jama'a. Sati biyu, kwana 14. Ku yi tunanin matashin da ya ci bashi ya yi noman rani, ya karanta rubutuna, ya shayar da albasa har jajibirin cira, ya zuba ta a rudu da ɗanyen wuya. Asararsa a wuyana take, sunan dattijon kuma ya ɓaci kan maganar da bai yi ba.

Tun daga ranar na ɗauki abu biyu. A wurin hira, duk adadin da aka faɗa sai na maimaita shi da wasu kalmomi: “Wato kwana goma sha huɗu ke nan, Baba?” In ya ce e, ya shiga murya sau biyu, ya kuma shiga takarda. Kafin saki kuma, ina karanta wa masanin adadi da maganganunsa. Ba duk rubutun nake ba shi ya sake min tsari ba, tsari nawa ne. Amma gaskiyar abin da aka jingina masa, haƙƙinsa ce.

Rubutun ya fita da kalma 870. Na tura wa ɗansa ta WhatsApp ya karanta masa, saƙon da ya dawo min shi ne, “Hakanan na.” Mu haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Wanda ke da hira a waya da ta daɗe tana jiransa, yau ya fara da shafin nan guda na mintuna. Na bar ku lafiya.