Injin Ƙungiya Yana Hannun Wa?



Yau zancenmu kan injin ban ruwa ne, wanda manoman fadama a gaɓar kogin Zamfara kan haɗa kuɗi su saya tare. An nemi inji, an ce wane ya ara. An je wurinsa, ya ce ya miƙa wa maƙwabci. Albasa kuwa tana bushewa.

Da farko, inji ya kwana hannun mutum ɗaya, ma'ajin da ƙungiya ta zaɓa, da littafinsa. A rubuta sunan mai aro, ranar ɗauka da ranar dawowa. Wanda ya ara ba ya ara wa wani. Ya dawo da shi wurin ma'aji tukuna.

Sai lafiyar inji, kuma a nan rigima take tashi. A tayar da shi gaban mai aro. A duba baƙin mai. A duba tiyo da rariyar bakinsa, don idan babu rariya, yashi da tsakuwa za su cinye farfela. A rubuta abin da aka gani, ko da "tiyo ya tsage kusa da baki" ne.

Ranar dawowa, a sake tayar da shi. Idan ruwa na ɗiga tsakanin famfo da inji, wataƙila an kunna shi babu ruwa a ciki, sil ya ƙone. Littafi zai nuna lafiya ya fita, kuɗin gyara na kan mai aro. Tsufan inji kuwa, asusun ƙungiya ne zai biya.

Shugabannin ƙungiyoyi, ku sayi littafin nan kafin noman rani ya kankama. A huta lafiya.