Agogon da ke haske cikin duhu

Agogon hannu da lambobinsa ke yin kore da daddare yana da tarihi mai ɗaci. Tun wajen 1917 kamfanoni a Amurka suka riƙa haɗa fenti da sinadarin radiyam da garin zinki salfaid. Radiyam ɗin yana fitar da tururi marar ganuwa dare da rana, tururin ya bugi garin, shi kuma ya yi haske.

'Yan matan da ke shafa fentin a garin Orange na jihar New Jersey an koya musu su riƙa lasar bakin buroshi don ya yi tsini. Radiyam ya taru a ƙasusuwansu, haƙora suka zube, muƙamuƙai suka ruɓe, da yawa suka rasu.

Daga baya aka koma tiritiyam mai rauni, sannan a 1993 wani kamfanin Japan ya fito da garin sitirontiyam aluminet. Wannan ba shi da tururin ko kaɗan: hasken rana yake sha, ya riƙa sakinsa sannu a hankali har asuba.

To, ga inda ake ruɗuwa. Tsohon agogo ya daina haske ne don garin ya lalace, amma radiyam sai ya shekara 1,600 kafin rabinsa ya ƙare. Fentin ya yi ruwan ƙasa, yana marmashewa. Masu gyaran agogo, kada ku kankare shi, kada ku hura masa iska da baki, kuma ku wanke hannu kafin cin abinci.