"Aiki Ya Yi Mini Yawa" Ba Bayani Ba Ne

Yau daga Zongon Lome zancenmu ya fito, kuma a kan abin da ke raba saurayi da budurwa tun ba a je ko'ina ba. Ba faɗa aka yi ba, ba wani ya ci amanar wani ba. Ɗaya ne kawai aiki ko karatu ya sha masa kai, ya kasa bayyana wa ɗayan halin da yake ciki, sai aka ɗauka ya daina so.

Ga wanda bai san wurin ba, Zongon Lome a da yana tsakiyar gari ne. A shekarar 1977 hukuma ta tashe shi, aka mayar da mutanensa arewacin birni, wajen Agowe, a bakin babbar hanyar da ta miƙe zuwa Sinkase, iyakar Togo da Burkina Faso. Tun asali unguwar 'yan shanu ce da 'yan goro, unguwar masu zuwa da tafiya. Yau ma manyan motocin da suka yi lodi a tashar jiragen ruwa ta nan suke bi su yi arewa. To kun ga saurayin Zongo da wuya ya zama mai zuwa zance kowane dare bayan isha'i.

Akwai wani yaro a gidanmu, ɗan ƙanena, mai rakiyar kayan wani ɗan kasuwa daga Lome zuwa Yamai. Ya ga yarinya a unguwa wajen wani suna, ya gabatar da kansa, gidansu suka ba shi izinin zuwa zance. Ya je sau biyu, hira ta yi daɗi. Ana nan sai kaya suka fito, ya bi mota. Ta kira shi yana layin duwan, ya ce mata, "Ina cikin aiki, zan kira ki." Bai kira ba sai bayan kwana huɗu. Ta ce, "Yaya, lafiya na ji ka shiru?" Ya ce, "Wallahi aiki ne ya yi mini yawa." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Ku lura, bai yi ƙarya ba. Amma ku saurari maganar da kunnen yarinyar. "Aiki ya yi mini yawa" ita ce dai maganar da mai gudu yake faɗa in yana son ya zame ba tare da an yi rigima ba. Mai gaskiya da mai zamewa bakinsu ɗaya a nan, to ta yaya za ta bambance su? Sau biyu kawai ta gan shi. Ba ta san abin da ake yi a layin duwan ba, ba ta taɓa wuce Atakpame ba. Shiru ma magana ce, kuma in ka bar shi ba fassara, wani ne zai fassara maka shi. Ƙawayenta suka ce mata ai 'yan mota kowane gari da tasu. Uwarta kuma ta fara sauraren wani mai shago da ke zuwa kullum da ledarsa a hannu.

Da ya dawo ya tarar da fuska ta sauya, sai ya zo mini yana ƙorafi. Na ce masa, "Ɗana, laifinka ɗaya ne. Ka gaya mata kana aiki, ba ka gaya mata yadda aikin yake ba." Muka zauna muka tsara abin da zai faɗa, kuma shi nake so in ba ku yau.

Abu na farko, ka zana mata tafiyar tun kafin ka tashi, kana zaune a gabanta, ba a waya kana gudu ba. Ga yadda ya faɗa mata: "Ƙanwata, bari in gaya miki yadda aikina yake, don kada shiruna ya yi miki wata magana. In kaya suka fito, ba ni ke sa ranar tashi ba, takarda ke sawa. Daga nan zuwa Sinkase ya fi kilomita 600, mota mai nauyi tana cin kwana biyu ko uku. A wannan tsakanin waya tana shiga, a Sokode ko a Kara zan iya kiran ki. Amma tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, ba ta Malanbil da Gaya muke bi ba. Ta Burkina muke bi, Kaya, Dori, Tera, kuma ba a tafiya sai an taru an yi ayari da rakiyar sojoji. Wani lokaci mukan yi makonni muna jira. In ayari ya tashi kuma, akwai wuraren da waya ba ta shiga sam. In kin ji ni shiru a lokacin, hanya ce, ba zuciya ba."

Kun ji bambancin? Yanzu in ta kira ba ta same shi ba, tana da abin da za ta gaya wa kanta, tana da abin da za ta gaya wa uwarta. Mai zamewa ba ya kawo sunan gari da adadin kwana, don ya san za a iya bincikawa. Mai gaskiya ne ke kawo su.

Sai dai a nan ma akwai rami. Wani in aka ce ya yi bayani, sai ya cika hirar da kukan wahala: kuɗin kan hanya, tayar da ta fashe, maigidan da ya hana shi haƙƙinsa. Yarinya za ta tausaya maka, amma abin da za ta tafi da shi shi ne ba ta da wuri a cikin wannan rayuwar. Ka faɗi tsarin aikin sau ɗaya, a taƙaice, sannan ka juya ka tambaye ta nata.

Abu na biyu, kada ka ce "ba ni da lokaci" ka yi shiru. Duk lokacin da ka ce a'a, ka haɗa shi da wata rana. "Yau ba zan samu zuwa ba" ƙofa ce a rufe. "Yau ba zan samu zuwa ba, amma Juma'a bayan la'asar ina ƙofar gidanku in Allah Ya yarda" ƙofa ce a buɗe. Kuma ka zaɓi ƙaramin alkawarin da ka tabbata za ka iya ɗauka. Yaron nan da farko cewa ya yi zai riƙa kiran ta kullum. Na ce masa a'a, hanya za ta ƙaryata ka tun a mako na farko. Muka tsaya a kan abu uku: saƙon murya ranar da mota ta bar Lome, kira in ya isa Sinkase kafin ya tsallaka, da kira ranar da ya shiga Yamai. Uku kawai, amma ba ya saɓa su. Alkawari kaya ne, gara ka ɗauki wanda wuyanka zai iya.

Ga wani ɗan abu da ke haddasa rigima ba gaira ba dalili. Agogon Togo da Gana da Burkina ɗaya ne, amma Nijar da Najeriya da Benin suna gaba da awa ɗaya. In kana Yamai ka ce mata "ƙarfe tara", ka kira, ita a Lome ƙarfe takwas ne, wataƙila tana kan girki wayar na ɗaki. Ka faɗa mata ƙarfe nawa a agogonta. Haka kuma ka gaya mata tun wuri in za ka sauya layi a bakin iyaka, ka ba ta lambar, don kada ta yi ta kiran layin Togo ana ce mata a kashe yake.

Abu na uku, ka sa wani babba ya san da zancen. Mu a Zongo tun da can baƙon da ya kawo shanu a gidan maigidansa yake sauka, shi ke tsaya masa a ciniki, shi ke shaidar halinsa. Neman aure ma haka yake. Ni da kaina na je na gaida mahaifin yarinyar, na ce masa, "Alhaji, yaron nan namu ne, ga aikin da yake yi, ga wanda yake yi wa. In kun ji shi shiru, ku aiko a tambaye ni." Kuma kafin ya sake tafiya ya je ya yi wa iyayenta sallama. Wanda ke shirin gudu ba ya zuwa ya durƙusa gaban uban yarinya. Makiyayin da zai bi shanu wata uku ma haka ya kamata ya yi: ya faɗi inda suka nufa, ya faɗi ranar kasuwar da yake shiga gari ya sa wa waya caji, ya bar wani dattijo da za a tambaya.

Maganar ba ta maza kaɗai ba ce. 'Yan matanmu da yawa yanzu suna Jami'ar Lome ko suna koyon aikin ungozoma, suna kwana a asibiti. Daga Zongo su shiga gari da sassafe, su dawo a gajiye. Saurayi ya zo zance, a ce masa tana barci, sau biyu, sau uku, sai ya ce girman kai ne na 'yar boko. Ke ma, 'yata, kada ki tsaya a "ina da karatu". Ki ce masa, "Malam, ina da jarrabawa nan da mako uku, kuma ina kwanan asibiti Litinin da Alhamis. Ba na so ka zo ka tarar da ni ina gyangyaɗi. Ka zo Lahadi da yamma, ranar zan zauna mu yi hira sosai." Ba ki zubar da kunyarki ba, kuma ya ji cewa kin ware masa rana.

Ga wanda ake yi wa bayanin kuma, ta yaya za ka gane mai aiki daga mai zamewa? Kada ka ƙirga yawan kira. Ka duba abu biyu. In ya ɗaga rana, yana kawo wata a madadinta? In ya saɓa, shi ke fara neman ka ya ba da haƙuri, ko sai ka bi shi? Mai so ko minti biyu ya samu, za ka ji ya tuna abin da ka gaya masa wancan makon, ya tambayi jikin Inna, ya tambayi yadda jarrabawa ta kasance. Wanda kullum "sai na samu lokaci" ne, ba rana ba wata, wannan ya ba ka amsa, kada ka ɓata shekararka.

Kuma a faɗi gaskiya, bayani ba ya ɗaure kowa. Wata za ta ji duka ta ce ita ba za ta iya zama da mijin da ke kwana a hanya ba. Haƙƙinta ne, kuma gara a ji shi yanzu da a ji shi bayan an kai lefe. Ita wannan yarinyar ta ce za ta gani. Ya yi tafiya biyu yana cika ukun nan nasa. A ta biyu ayari ya riƙe su, ya yi kwanaki ba labari. Uwarta ta ce, "To, ga shi nan ya sake ɓacewa." Yarinyar ta ce, "Inna, ai ya faɗa, sun wuce Kaya ke nan." Bayan sallar layya manya suka shiga maganar.

Nan za mu dakata, masu sauraro. Wanda ke kan hanya, Allah Ya sauke shi lafiya. Wanda ke jira a gida, Allah Ya ba shi haƙuri. Sai wani makon in muna da rai.