Ribar Sallah ta Shekara Ce: Lacca Kan Tsarin Aikin Tela

Maganata a yau kan tela ce, kuma abin da nake son tabbatarwa shi ne kuɗin da ke shigo masa a azumi ba ribar wata guda ba ce, abincin shekara ne. Daga Ƙaramar Sallah zuwa Babbar Sallah kwana 70 ne ko kusa da haka, daga nan kuma sai an yi wata takwas da ɗoriya kafin azumi ya dawo. A tsakani akwai ɗinkin Maulidi, da kayan makaranta a Satumba, da bukukuwan kaka, amma babu wanda ya kai Sallah. Ga shi kuma watan Musulunci yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2016 Ƙaramar Sallah ta faɗo farkon Yuli, lokacin da kuɗin manomi ke cikin taki, a 2025 kuwa ƙarshen Maris ta zo. Don haka dole tela ya riƙa duba kalanda biyu, ta wata da ta noma.

Matakin farko shi ne tela ya san iyakar hannunsa. A ɗauki misalin shago mai keke biyu, maigida da yaronsa, suna gama kaya 4 a rana. Azumi kwana 29 ne ko 30. A cire kwana 4 ko 5 saboda ɗaukewar wuta, da lalacewar keke, da gyaran ɗinkin da aka dawo da shi, saura 25, wato kaya 100. Idan ya karɓi 140, guda 40 ɗin nan suna bukatar kwana 10 da babu su. Alamar matsala tana bayyana tun tsakiyar azumi: shadda da atamfa sun taru a kusurwa ba a yanka ba, kayan da aka kai wa mai aikin wuya ba su dawo ba, tela ya fara kashe waya. Maganin shi ne littafi mai ɗauke da suna, da awo, da kafin alƙalami, da ranar karɓa. A buɗe shi tun Sha'aban, a rufe da zarar adadi ya cika. Zare da zif da maɓalli ma a saye su kafin cunkoso. Mai ƙwarmin ido da wuri yake fara kuka.

Mataki na biyu shi ne rabon kuɗin. A ce a misalinmu kowane ɗinki ya bar ribar naira 3,000, jimla 300,000. A watannin da kasuwa ta mutu, haya da cefane da sallamar yaro suna cin 60,000 a wata, abin da ke shigowa kuwa 40,000 ne. Giɓin 20,000 a wata shida ya zama 120,000. Wannan kaso ba na kashewa ba ne, a ware shi tun kafin hidimar Sallah. Wanda bai ware ba, shi ne za ka ga ya taɓa kafin alƙalamin wani ya yi cefane, ko ya sayar da keke ɗaya ana gab da lokacin da zai fi bukatarsa.

Game da rufe littafi, wani zai ce mai ɗinkin da ka mayar yau ya tafi ke nan. Amma wanda aka gaya wa gaskiya da wuri yana da lokacin neman wani tela, kuma yakan dawo. Wanda ya kwana a shago daren Sallah ya tafi Idi da tsohon kaya, shi ne ba ya dawowa, kuma sai unguwa ta ji labari. Wani kuma zai ce tsadar kaya tana cinye kuɗin ajiya. Wannan gaskiya ne, shi ya sa ya kamata a mayar da wani ɓangare kayan aikin da ba sa lalacewa, kamar zare da yadin kayan makaranta, a ɗinka su a watannin zaman banza. Sai dai kada a zuba jari a yadin yayi, domin yayi yana wucewa ya bar ka da kaya. Masu cewa arziki na Allah ne sun yi gaskiya, amma su tuna Annabi Yusuf, alaihis salam, tanadin shekarun yalwa ya umarta domin shekarun fari.

Kirana ga ƙungiyoyin teloli shi ne su koya wa yaran shago wannan lissafi kamar yadda suke koya musu yanka. Ku kuma masu kai ɗinki, ku kai kayanku tun Sha'aban, ku biya a kan lokaci.