Kafin Ka Ba Dila Gari



Mai sarrafa lemon kwalba a Birnin Kebbi yana son shiga kasuwar Argungu. Dila zai ce masa: ƙara mini riba, ba ni bashin wata guda, kuma kada ka ba kowa kaya a garin sai ni.

Ɗan'uwa, kada ka ba shi ukun a haɗe. In ya ɗauki kaya bashi, ribarsa ta ragu. In ya biya nan take, ta ƙaru. Bashi kuwa mako biyu ya isa, domin lemo yana da wa'adin lalacewa. Sai kuɗin lodin farko sun shigo, sannan na biyu ya fita.

Gari kuma, a ba shi na wata shida, bisa sharaɗin katan nawa zai sayar. Kada a auna shi da cinikin azumi ko na bikin kamun kifi. A auna shi da damina, lokacin da ƙishirwa ta ragu.

Mu kwana nan.