Fansho Kafin Haraji

Jama'a masu saurare, musamman malaman makaranta a Gwarzo da Kabo, ku ɗauko takardar albashinku mu yi lissafi tare.

A ce albashinka naira 100,000 ne, kuma duka ake cire wa fansho kashi 8 cikin ɗari. Dubu takwas ke nan, saura 92,000, wato 1,104,000 a shekara. Dokar harajin da ta fara aiki a Janairun 2026 ta yafe 800,000 na farko. Ragowar 304,000 ce ake cire wa kashi 15, wanda ya kama naira 3,800 a wata, in babu wani rangwame.

Idan ka ga 5,000, to an lissafa harajin ne kafin a cire fansho. Malam, je ofishin albashi da takardarka, a gyara.